Me Za a Toshe a Intanet ɗin Makaranta?

Yawanci ba a rubuta irin wannan takarda sai wani abu ya faru. Ko dai datar da aka saya don ta kai ƙarshen wata ta ƙare tun a mako na biyu, ko an leƙa allon wani ɗalibi an ga yana duba sakamakon cacar ƙwallo, ko kuma wani uba ya zo ofis ransa a ɓace saboda abin da ɗansa ya ce ya gani a ɗakin kwamfuta. Sai shugaban makaranta ya kira malamin kwamfuta ya ce masa, "Malam, ka rubuto mini duk abin da ya kamata a toshe, in sa hannu." Kwana biyu sai ga takarda a kan tebur, cike da sunayen shafuka da wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo a tsakaninsu. Shugaba ya duba, bai gane rabin abin da ke ciki ba, amma tun da ba fanninsa ba ne sai ya sa hannu.

Matsalar ita ce wannan sa hannun ba kan na'ura kaɗai yake aiki ba. Shi zai yanke ko malamar kimiyya za ta iya nuna wa ɗalibanta bidiyon yadda zuciya ke harba jini, ko magatakarda zai iya tura sanarwa ga iyaye, ko 'yan aji shida za su iya buɗe shafin jarrabawa ranar da suke bukata. Don haka ya dace shugaba, da iyayen da ke kwamitin makaranta, su iya karanta takardar su gane wadda aka yi da tunani da wadda aka yi cikin fushi. Ba sai mutum ya karanci kwamfuta ba. Abubuwa kaɗan ne, kuma na farkonsu shi ne bambancin suna da lamba.

Kowane shafi na intanet yana da suna, irin su jamb.gov.ng, wanda mutum ke rubutawa a burauza. Amma na'urori ba da suna suke samun juna ba, da lamba ne, wadda ake kira adireshin IP, kamar 8.8.8.8. Duk lokacin da ɗalibi ya rubuta suna, kwamfutarsa takan fara tambayar wata na'ura cewa mene ne lambar wannan suna, in ta samu amsa sannan ta nufi lambar. Tsarin da ke ba da wannan amsa shi ake kira DNS. Adiresoshin da suka fara da 192.168 ko da 10 na cikin gida ne, na kwamfutocin makarantar da firinta da sauransu. Sauran, kusan dukkansu, na waje ne, kuma su takardar ke magana a kai. Ke nan malami yana da wurare biyu da zai iya tare hanya: ya hana a ba da amsa idan an tambayi wani suna, ko ya hana a isa wata lamba.

Wanda bai daɗe a aikin ba ya fi karkata ga lamba, don tana kama da abu tabbatacce. Zai nemo lambar shafin caca, ya sa ta a jerin rauta, wato akwatin da ke raba intanet ga kwamfutocin makaranta, ya gwada ya ga shafin ya ƙi buɗewa, ya ce an gama. To amma lamba a yau kamar gidan haya ce mai ɗakuna da yawa da ƙofa ɗaya: in ka sa kwaɗo don ɗan haya guda, ka kulle kowa. Kamfanoni irin su Cloudflare da Akamai da Amazon suna ɗauke da dubban shafuka a bayan lamba ɗaya, kuma shafin da ke kan wata lamba yau yana iya komawa wata gobe. Sakamakon shi ne shafin da aka so hanawa ya dawo bayan 'yan kwanaki, waɗanda ba ruwansu kuma su ci gaba da zama a rufe ba wanda ya san dalili.

Ba malaman makaranta kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. A 2013 hukumar da ke sa ido kan kamfanoni da hannayen jari a Ostareliya, ASIC, ta umarci kamfanonin sadarwa su toshe wasu lambobi don ta hana shafukan 'yan damfara. Ɗaya daga cikin umarnin ya haɗa da shafuka sama da dubu ɗaya da ba su yi laifin komai ba, har da na wata cibiyar karatu ta kyauta a Melbourne. Daga baya hukumar ta amsa cewa wani umarnin nata ya rufe shafuka kusan 250,000 a lokaci guda, duk saboda lamba ɗaya. In hukuma mai lauyoyi da kasafin kuɗi ta yi haka, ba abin mamaki ba ne malamin da ke koyar da azuzuwa shida ya yi.

Ga yadda abin ke zuwa a makarantunmu. Shugaba ya ce a toshe Facebook, malami ya nemo jerin lambobin kamfanin, cikinsu har da duk waɗanda suka fara da 157.240, ya rufe su baki ɗaya. Washegari magatakarda ya zo yana cewa saƙon da ya tura wa zauren iyaye bai tafi ba. Dalili kuwa shi ne Facebook da Instagram da WhatsApp duk na kamfanin Meta ne, kuma suna amfani da jerin lambobi iri ɗaya. Alamar da ake gane irin wannan ɓarna ita ce shafi ba ya cewa an hana shi. Juyawa kawai yake yi har ya gaji, ko kuma rubutu ya fito hotuna su ƙi fitowa. Ana ganin haka sai a ɗora laifin a kan sabis, a yi ta kiran kamfanin sadarwa, alhali matsalar tana cikin akwatin da ke ofishin malami.

Akwai wata dabarar mai kama da wayo da ita ma ba ta da kyau, wato a hana duk sunan da ke ɗauke da wasu haruffa. Malami ya lura sunayen kamfanonin caca da yawa na ɗauke da bet, sai ya ce a toshe duk inda waɗannan haruffa uku suka fito. Na'ura ba ta san ma'ana ba, haruffa take gani. Za ta rufe diabetes.org, shafin ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta Amurka, da duk makaranta ko asibitin da ke da Elizabeth a sunansa. In aka yi haka da sex, jami'o'in Essex da Sussex na Ingila sun tafi. Wannan kuskure tsoho ne: tun a 1996 kamfanin AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe yin rajista, saboda a tsakiyar sunan garinsu akwai haruffan wata kalmar ashar. Duk takardar da ta zo da shawarar tace haruffa, ya kamata a mayar da ita a gyara.

To me takarda mai kyau za ta ce? A ɗauka makarantar sakandare ce mai kwamfuta 40 a ɗaki ɗaya, da wasu 'yan kaɗan a ofisoshi, da layin intanet mai saurin megabit 20 a daƙiƙa, da rauta ƙirar MikroTik, wadda ake yawan samu a kasuwanninmu. Malamin da ya san aikinsa ba zai fara da jerin sunaye ba. Zai fara da abin da ya gani: awa nawa ne layin ke cushewa, waɗanne irin shafuka ne suka fi cin data, wane ƙorafi ne ya zo daga iyaye. Daga nan sai ya raba abin da yake nema gida-gida bisa dalili, domin maganin batsa daban ne da maganin cinye data, kuma wanda ya haɗa su a kwando ɗaya zai yi wa ɗaya maganin ɗayan.

Shafukan batsa da na damfara da masu ɗauke da ƙwayoyin cutar kwamfuta ba a lissafa su da hannu. Sun yi yawa, kuma sababbi na fitowa kullum. Abin da ake yi shi ne a miƙa aikin ga masu tace sunaye, waɗanda sana'arsu ke nan. A watan Afrilun 2020 Cloudflare ya buɗe wata hidima ta kyauta: in aka saita rauta ta riƙa tambayar 1.1.1.3 da 1.0.0.3, duk sunan da ke cikin jerin batsa ko na cuta ba za a ba da lambarsa ta gaskiya ba. OpenDNS ma yana da irinta a 208.67.222.123 da 208.67.220.123, kuma tasa ta haɗa da shafukan da ake bi don zagaye shinge. Saitin bai wuce na minti biyar ba, kuma ba a biyan ko sisi. Shugaba da kansa yana iya gwadawa daga kowace kwamfuta a ɗakin, da adireshin gwaji da Cloudflare ya tanada:

```
nslookup nudity.testcategory.com
```

In amsar ta dawo 0.0.0.0, tacewar na aiki. In wata lamba ce daban ta fito, to kwamfutar ba ta bi ta inda aka ce ta bi ba.

Caca ba ta cikin abin da 1.1.1.3 ke tarewa, kuma nan ne jerin hannu ke da amfani, domin kamfanonin da yaranmu suka sani ba su da yawa: Bet9ja, SportyBet, BetKing, 1xBet da 'yan uwansu. Hujjar ma ba ta bukatar dogon bayani. Addini ya hana, kamfanonin da kansu sun rubuta cewa sai mai shekara 18, kuma mafi yawan ɗaliban sakandare ba su kai ba. A rauta irin wadda muka ambata, in manhajarta ta zamani ce, layi ɗaya ya ishi kowane kamfani:

```
/ip dns static add name=bet9ja.com type=NXDOMAIN match-subdomain=yes
```

Ma'anarsa, duk wanda ya tambayi wannan suna ko wani reshensa a ce masa babu shi. Abin da takarda za ta faɗa a fili shi ne wasu kamfanonin na buɗe sababbin sunaye a kai a kai, don haka jerin na bukatar dubawa, ba abin da ake rubutawa sau ɗaya a manta ba ne.

Sai masu cin data, kuma a nan ne nake ganin aka fi yin zalunci da sunan tarbiyya. Sunan farko da ake sa wa gatari shi ne YouTube. Lissafin gaskiya ne: YouTube da kansa ya ce bidiyo mai ingancin 720p na bukatar kimanin megabit 2.5 a daƙiƙa, ke nan ɗalibai takwas kacal sun isa su cinye layin megabit 20, sauran 32 su zauna suna kallon allo yana juyawa. Amma a makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ba shi da sinadarai, bidiyon nan shi ne kaɗai hanyar da yaro zai ga abin da ake karanta masa. Toshe shi ɗungurungum kamar rufe laburare ne a aikace. Rauta na iya ƙayyade wa kowace kwamfuta rabonta, a ce rabin megabit idan ɗakin ya cika; bidiyon zai sauka da kansa zuwa ƙaramin inganci, a ci gaba da gani, kwamfutar malami kuma a bar ta da rabo mai tsoka don majigi. Google ma ya tanadi hanyar da makaranta za ta tilasta tsaftataccen bincike da tsaftataccen YouTube ga kowa, ta hanyar karkata sunayensa zuwa forcesafesearch.google.com da restrict.youtube.com. Wannan tacewar takan wuce gona da iri wani lokaci, ta ɓoye darussan tarihi ko na lafiya, shi ya sa akwai mai sassauci, restrictmoderate.youtube.com. Zaɓi tsakanin biyun ba na malamin kwamfuta ba ne shi kaɗai. Malaman darussa ne suka san abin da suke nunawa.

Me ya sa ba za a toshe bidiyo ɗaya a bar sauran ba? Domin kusan duk shafuka yanzu a rufe suke tafiya, su ne masu https a farkon adireshinsu. Rauta tana ganin sunan shafin da aka nufa, amma ba ta ganin wane bidiyo ko wane shafi na ciki aka buɗe. Malamin da ya yi wa shugaba alkawarin zai hana "munanan bidiyoyi" ɗaya bayan ɗaya da wannan akwati ya yi alkawarin abin da ba shi da shi.

TikTok da Instagram da makamantansu hukunci ne na makaranta, ba na fasaha ba. Ana iya rufe su da suna a ɗakin ɗalibai a bar su a ofis, in an raba layin gida biyu. Abin lura ɗaya shi ne sabunta Windows: yana cin data sosai, kuma kan kwamfuta 40 abin ba wasa ba ne, amma wanda ya toshe shi ya bar na'urorinsa a buɗe ga cuta. A mayar da shi bayan tashi, ba a hana shi ba.

Yanzu ga lambobin da suka cancanci a toshe da gaske, kuma abin mamaki ba lambobin shafukan banza ba ne. Duk tacewar da aka bayyana a sama ta dogara ne a kan kwamfuta ta tambayi rautar makaranta. Ɗalibin da ya shiga saitin kwamfuta ya rubuta 8.8.8.8, wato DNS na Google wanda ba ya tace komai, ya tsallake duk aikin cikin minti ɗaya. Kada a raina yaran nan. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, 'yan Najeriya da dama suka koyi amfani da VPN, kuma ilmin bai tafi da janye dakatarwar ba. Ƙannensu sun gada. Don haka sashen da ya fi muhimmanci a takardar shi ne wanda ke neman izinin abubuwa uku. A sa rauta ta kama duk tambayar DNS da ke fita ta tasha ta 53 ta amsa da kanta, ko da kwamfutar wa ta nufa. A rufe tasha ta 853, wadda wayoyin Android ke bi don ɓoyayyar tambaya. Sannan a hana isa ga sanannun lambobin da ba sa tacewa, irin su 8.8.8.8 da 8.8.4.4 da 1.1.1.1, domin burauzoji kamar Chrome da Firefox na iya aika tambayarsu a ɓoye cikin zirga-zirgar https ta yau da kullum. Waɗannan lambobi ba sa sauyawa kuma aiki ɗaya suke yi, shi ya sa toshe su ba ya jawo irin ɓarnar da muka gani a baya. Sai dai a gwada firinta da talabijin ɗin zamani da ke ofis bayan an yi, don wasu na'urorin an ƙera su da 8.8.8.8 a cikinsu.

Duk da haka, rauta ba ta isa ta kama kowace manhajar VPN ba, domin wasunsu an yi su ne takanas don su yi kama da ziyarar shafi ta yau da kullum. Maganin yana kan kwamfutar kanta: asusun da ɗalibai ke shiga da shi kada ya zama mai ikon saka manhaja ko sauya saiti. A makarantu da yawa kowa da asusun mai cikakken iko yake shiga, kalmar sirrin ma an rubuta ta a jikin bango. Inda haka take, duk jerin da ke cikin takarda ado ne.

Takarda mai kyau tana kuma ɗauke da jerin da ba a nema ba: abin da ba za a taɓa rufewa ba ko da kuskure. Shafin JAMB, da waecdirect.org inda ake duba sakamakon WAEC, da neco.gov.ng, da shafin biyan kuɗi na Remita, da na bankin da makaranta ke hulɗa da shi, da na ma'aikatar ilmi. Bayan kowane sauyi sai a buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ba shafin farko kaɗai ba, a bi har wurin shiga da wurin biya, domin shafi ɗaya yakan jawo abubuwa daga wasu sunaye da dama da ba a gani. Kuma ba a yin sabon saiti a makon rajistar jarrabawa.

Siffar takardar ba ta bukatar wuce shafi biyu. Kowane abu da ake son hanawa ya zo da dalilinsa, da hanyar da za a bi, da wanda abin zai shafa, da abin da za a iya rasawa. Wannan na ƙarshen shi ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ne shugaba ya fi bukata. Layi kamar wannan ya fi jerin lambobi ɗari amfani: "Ranka ya daɗe, in aka rufe Facebook a ɗakin ɗalibai, shafin makaranta da ke can ba zai buɗu daga ɗakin ba, ina ba da shawarar a bar shi a ofis kaɗai." Da irin wannan shugaba zai iya cewa e ko a'a da saninsa, kuma ranar da wani malami ya zo da ƙorafi, ba za a ce malamin kwamfuta ne ya ga dama ba.

Sai batun rajistar abin da aka buɗe. Rauta, ko ƙaramar manhaja irin Pi-hole, na iya adana kowane suna da kowace kwamfuta ta tambaya da lokacin da ta tambaya. Yana da amfani wajen gano sabon shafin caca da ya ɓullo. Amma bayani ne a kan yara, da ma malamai in suna kan layin, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba bayanan yara kulawa ta musamman. Takarda ta faɗi wa zai iya gani, kwana nawa za a ajiye kafin a goge, kuma a sanar da iyaye da ma'aikata cewa ana ajiyewa. Kada kuma a yanke wa yaro hukunci da rajista kaɗai: shafin labarin wasanni ɗaya yana iya jawo tallar kamfanin caca, sunan ya fito a rajista alhali yaron bai danna komai ba.

Iyakar aikin ma a rubuta ta baƙi da fari, don kada shugaba ya je taron iyaye ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Duk abin da aka saita yana aiki ne a kan layin makaranta kaɗai. Ɗalibin da ya shigo da waya mai datarsa ta MTN ko Airtel, ko ya kunna wa abokansa hospot a bayan aji, bai bi ta rauta ba, kuma ba saitin da zai kai gare shi. Wannan aikin malamin horo ne da dokar shigo da waya. Abin da malamin kwamfuta zai iya yi a nan shi ne ya hana kwamfutocin ɗakin haɗuwa da wani layin da ba na makaranta ba.

Sakin layi na ƙarshe a takardar shi ne na gyara. Malamin da ya tarar an rufe shafin da yake bukata ya san wa zai gaya wa, kuma a amsa masa cikin kwana ɗaya, ba sai an jira taron malamai ba. A ajiye littafi a ɗakin kwamfuta inda ake rubuta sunan shafin, da ranar, da wanda ya nema, da abin da aka yanke. A farkon kowane zangon karatu a zauna da shugaba da malamai biyu ko uku a bi jerin layi-layi, a cire abin da dalilinsa ya wuce, a ƙara abin da rajista ta nuna. Kalmar sirrin rauta da kwafin saitinta kuma a sa su a ambulan a ofishin shugaba, domin malaman kwamfuta, musamman masu yi wa ƙasa hidima, ba sa daɗewa a wuri ɗaya, kuma wanda zai gaje su yana bukatar sanin abin da aka rufe da dalilin rufe shi.